Dariyar da sai tsohon mai kallo ke ganewa

Wasan barkwancin da ya daɗe a talabijin yana tara wata dukiya da sabon shiri ba shi da ita, wato abin da masu kallo suka riga suka sani. Marubuta kan dasa wa ɗan wasa wata ɗabi'a tun da wuri, su yi ta dawo da ita har mutane su haddace. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya yi haka da Samanja. Da ya buɗe baki yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, an san tsawa na tafe, ana dariya tun bai kai ƙarshen zance ba. Papa Ajasco kuma ana jiran lokacin da zai mari sanƙon kansa.

Amma maimaici kaɗai ba ya riƙe mutane, gundura yake kawowa. Gwanintar tana wajen sauyi. Karo na farko a nuna abin, na biyu a tabbatar da shi, na uku sai a karkatar da shi inda ba a zata ba. Dubi rowar Alhaji Badamasi a Gidan Badamasi na tashar Arewa24. Kowa ya san kuɗi ba sa fita daga hannunsa da sauƙi, don haka daɗin yana ga sabuwar dabarar da 'ya'yansa za su ƙulla, da yadda za ta warware musu.

A wata rumfar mai shayi da ke Ƙofar Ƙaura a nan Katsina na ga yadda abin ke aiki. Ana kallo, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku tsaya ku gani, wallahi ba zai ba su ko sisi ba." Rumfa ta ɗauki dariya. Wani baƙo da ke gefe ya ce, "Baba, me aka yi?" Ba wanda ya iya yi masa bayani a taƙaice. Kamar wasan Katsinawa da Nufawa ne, sai wanda ya san tushen yake jin daɗin tsokanar.

Akwai kuma waiwaye, wanda ni ya fi burge ni. A binne wata magana, a bar ta har a ɗauka an manta, sannan a tono ta. Shirin Friends na Amurka ya gudana daga 1994 zuwa 2004. Gardamar Ross da Rachel, masoya biyu a shirin, kan ko sun rabu ne a lokacin da Ross ya kwana da wata mace ta faro a zango na uku, aka riƙa taɓo ta jefi-jefi, har a kashi na ƙarshe sai da Ross ya sake ɗago ta. Wanda ya fara kallo a ranar, magana ce kawai ya ji. Wanda ya biyo shirin tun 1997 kuwa, jumla guda ta dawo masa da rigimar shekara bakwai.