Takardar miƙa aiki: Sashen Sufuri da Lodi, ofishin Aboabo, Kumasi

Daga: Alhaji Ɗanlami, shugaban sashe mai barin gado
Zuwa ga: Malam Nuhu
Litinin, 28 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum, Malam Nuhu. Daga Juma'a 1 ga Agusta sashen yana hannunka, ni kuma na koma reshen Tamale. Makullan sito da na akwatin takardu suna wurin Hajiya Rabi akanta, ka sa hannu ka karɓa.

Zan fara da Mota ta 4, don ita ce ke hana ni barci. Birkinta na zubar da iska. Ranar Alhamis na tsaya da kaina a garejin Usta Iliya a Suame, aka cika tankin iska aka kashe injin, ina kallon allurar tana sauka kafin a gama shan shayi. An sauya tiyo, ba ta daina ba. Usta yana zargin bawul ne, ya aika a nemo. Za a matsa maka ka sake ta saboda masarar da ke jira a Techiman, har daga sama za a kira ka. Kada ka yarda sai Usta ya gwada ta da lodi a gabanka. Direbanta Bala mutum ne mai kunya, in ka ce ya tafi zai tafi bai ce uffan ba, shi ya sa nauyin yake kanka. Wanda ya san gangaren Kintampo ba ya wasa da birki.

Ayyukan da ban ƙarasa ba: takardar lafiyar mota ta DVLA ta Mota ta 2 da ta 5 za ta ƙare 20 ga Agusta, inshorar Mota ta 2 ma a makon. Kuɗin fansho na SSNIT na direbobi na watan Yuli dole ya shiga kafin 14 ga Agusta ta wuce, in ba haka ba akwai tara. Hajiya Rabi ce ke biya, amma kai za ka ba ta jerin sunaye, kuma ka saka sabon yaron mota Idi, wanda ya fara aiki a watan nan. Tayoyi 6 da muka yi oda an biya rabi, rasit yana cikin koren fayil.

Sai maganar da ba ta kan takarda. Dillalinmu na albasa a Bawku, Malam Haruna, yana bin mu sidi 18,000 na buhunan da suka ruɓe a watan Mayu, lokacin da motarmu ta kwana a hanya. Da baki muka yi da shi cewa za mu ɗauki rabin asarar, a gaban Sarkin tasha. Manaja ya sani amma bai sa hannu ba tukuna. Ka bi wannan da gaggawa, a rubuta a biya. Malam Haruna ya sha ba mu kaya bashi ba tare da ya nemi shaida ba, kuma in ya juya mana baya ba mu da kamarsa a can.

Game da hanya: tsakanin Agusta da Satumba ake buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwan Farin Volta ya cika, ƙananan hanyoyin ƙauyukan da muke ɗaukar hatsi su yanke. Ka riƙa tambaya kafin ka tura mota. Bawku kuwa ana sa dokar hana fita saboda rikicin sarauta, lokutanta kuma suna canzawa. Doka ta a nan ita ce babu tafiyar dare tsakanin Walewale, Bolga da Bawku, ko da kaya za su makara. Ina roƙon ka riƙe ta. Haka batun sikeli: masu kaya za su roƙe ka ƙara buhu goma a sama, tarar da za a ci mu ta fi ribar.

Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS a Janairun 2025, duk motar da za ta tsallaka Paga sai na fara kiran wakilinmu na kan iyaka, Malam Yakubu, ya faɗa mini takardun da ake nema a ranar. Kai ma ka yi haka.

Lambobin kowa suna shafin farko na baƙin littafin da ke aljihun tebur. Usta Iliya ba ya ɗaukar waya in yana ƙarƙashin mota, ka tura masa saƙon murya. Malam Haruna ka kira shi bayan La'asar. Abin da ya shafi kuɗin mai da alawus na hanya, Hajiya Rabi. Ana tura wa direbobi ta MoMo kafin su tashi, kada a bari sai sun kama hanya.

Abu ɗaya da na kai ƙara ba a gyara ba: in aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatar bayan sito tana ambaliya ta shigo ta ƙofar baya. Na sa an ɗora buhuna a kan katako, kada a sauke su ƙasa har damina ta wuce.

Ranar Laraba da safe zan zo mu zaga motocin tare, in haɗa ka da direbobi ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taya ka riƙo.

Alhaji Ɗanlami