Amsa Game da Batun Binciken da Ka Gabatar

Kafin Hausa,
14 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga ɗalibina Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Guri baki ɗaya, ina sanar da kai cewa takardarka ta iso gare ni, mai ɗauke da batun da kake son rubuta kundin digirinka a kansa, wato "Matsalolin Noma a Arewacin Najeriya da Hanyoyin Magance Su". Na karanta ta sau biyu, kuma ba zan sa mata hannu a yadda take ba, domin batun ya yi faɗin da ɗalibi ɗaya ba zai iya riƙe shi ba a cikin watanni huɗun da suka rage maka.

Ka fara duba kalmar Arewa. Jihohi 19 ne, kuma Jigawa kaɗai, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27. Damuwar mai noman doya a Binuwai, inda damina take da tsawo, daban take da ta mai gero a Maigatari da ke zuba wa sama ido, balle ta mai dankalin Turawa a tsaunukan Filato. Kai kuma kana koyarwa a makarantar firamare daga Litinin zuwa Juma'a, abin hawanka babur ne, don haka ina tambayar ka: manoman wace jiha za ka zauna da su, kuma da wane guzuri?

Haka kalmar noma ta haɗa na damina da na rani, kalmar matsaloli kuma ta kwaso tsadar taki, ƙarancin iri, ambaliya, rikicin manoma da makiyaya, bashi da faɗuwar farashi a lokacin kaka. Kowace ɗaya a cikinsu ta ishi mutum kundi guda, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Ba ka kuma faɗi shekarun da binciken zai shafa ba. Abin da nake jiye maka shi ne ka ƙare da tattaro maganganun da wasu suka riga suka rubuta, ranar kare kundi kuma a tambaye ka abin da kai da kanka ka gano, ka rasa amsa.

Sai dai akwai wurin da na daɗe ina dubawa a shafi na uku na takardarka, inda ka ambaci, a cikin layi biyu kacal, yadda kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta cinye fadamar mahaifinka har ya daina shuka shinkafa a cikinta. A ganina bincikenka yana cikin waɗannan layuka biyu. Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, kachala kuwa irin wannan kwantaccen ruwa take so. Tana toshe hanyoyin ruwa, sai wata gona ta nutse wata kuma ta rasa ko ɗigo, ga shi ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke afka wa shinkafa idan ta fara nuna. Ka taso kana ganin wannan da idonka, ka san waɗanda suke shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yankan ta a aikin gayya, kuma za su buɗe maka ciki fiye da yadda za su yi wa baƙo.

Saboda haka ina ba ka shawara ka mayar da batun ya zama "Tasirin Kachala ga Noman Shinkafa a Ƙauyuka Uku na Ƙaramar Hukumar Guri, 2015 zuwa 2024". Ka zaɓi ƙauyukan da za ka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya, ka tattauna da manoma kamar 20 a kowanne, tare da mai unguwa da sarkin noma. Ka tambaye su faɗin gonar da suka rasa, buhu nawa suke samu a da da kuma yanzu, da abin da suke kashewa wajen share ta. Kada ka cusa masunta a ciki, ko da yake na san su ma abin ya shafe su ƙwarai, domin nasu binciken daban ne.

Idan wannan bai kwanta maka ba, ƙofa a buɗe take ka kawo wani, muddin ya tsaya a kan amfanin gona ɗaya, wuri ɗaya da shekaru ƙayyadaddu. Ka rubuto sabon take da manufofi uku a shafi biyu, ka same ni da su a ofis ranar Asabar, 25 ga wata, da ƙarfe 10 na safe. Ka gaishe mini da mahaifinka, Allah Ya ƙara masa lafiya.

Wassalam.

Malaminka mai duba aikinka,
Dakta Isa