Roƙon Maido da Kuɗin da Na Tura Bisa Kuskure

Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka.

Da farko ka yi haƙuri da saƙona na jiya, wanda na ce "ka dawo min da kuɗina yanzu". Hankalina ne a tashe, ko sallama ban yi ba, kuma ni ma da aka turo min irinsa da na ɗauka 'yan damfara ne. Ga bayanin yadda ya kamata.

Ni ɗan kasuwa ne a Farin Gada, nan Jos, dankalin turawa nake sayarwa. Jiya Talata da ƙarfe 4:37 na yamma na tura ₦185,000 zuwa asusunka bisa kuskure. Kuɗin wani manomi ne a Bokkos da ya ɗoro min kaya. Asusunsa irin wanda lambar waya ce lambar asusu, naka ma haka, kuma bambancinku lamba ɗaya ce tak: nasa ya ƙare da 61, naka da 67. Direba na tsaye a kaina yana jiran kuɗin mota, sunan ya fito a allo, ban tsaya na karanta ba na danna. Laifina ne, ba naka ba. Ta haka ne ma na samu lambarka, sifili kawai na ƙara a gaba.

Na haɗo maka hoton rasit da na saƙon cire kuɗi da banki ya turo min. A rasit ɗin akwai Session ID mai lamba 30, ƙarshensa 408215, kuma asusuna ya ƙare da 3092. Amma kada ka dogara da hoto, don yanzu hoto ba ya wuyar haɗawa. Ka buɗe tarihin asusunka da kanka, ka duba lokacin da adadin da sunan mai turowa. In ba ka ga kuɗin ba, ka share wannan saƙo.

In ka gani, don Allah ka maida su asusun da suka fito, ba wani daban ba, ko da wani ya kira ka da sunana. Ka cire cajin turawa a ciki. Ba na buƙatar PIN ɗinka ko OTP, kuma ba zan tambaya ba.

Da safe na kai rahoto bankina, na cike takardar koke. Na faɗa maka ne don kada ka ji kira daga banki ka ɗauka ƙararka na kai. In ka fi natsuwa a bi ta hannunsu, na yarda, sai dai hanyar takan ɗauki kwanaki, manomin kuwa tun jiya yake kirana, leburorinsa na jira. In kuma an riga an taɓa wani abu a ciki ba da sani ba, ka gaya min, mu tsara yadda za a yi.

Idan kana Jos kuma kana son ganina, ina rumfa daga safe har La'asar.

Na gode, Allah Ya saka da alheri.