Sanarwar Tara Kayan Abinci Domin Mabuƙata a Watan Ramadan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin masallacin Juma'a na unguwarmu, bayan shawara da Malam Liman da Mai Unguwa, yana sanar da jama'a cewa za a fara karɓar gudummawar kayan abinci daga ranar 2 ga Ramadan har zuwa ranar 18 ga wata, domin tallafa wa marayu, da matan da mazajensu suka rasu, da tsofaffi, da magidantan da rashin lafiya ya hana su fita nema. A cikin waɗanda muke haɗa sahu da su akwai masu buɗe baki da ruwa kawai, kuma kunya ba za ta bari su faɗa wa kowa ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada kwatankwacin nasa, ba tare da an rage wa mai azumin komai ba.

Abin da aka fi buƙata shi ne gero, masara, shinkafa, wake, sukari, man gyaɗa, manja, dabino da tsamiya. Kada wanda mudu ɗaya yake da shi ya raina, za a karɓa kamar yadda za a karɓi buhu. Muna roƙon kada a kawo dafaffen abinci ko ɗanyen kayan miya, saboda ba mu da wurin adana su a wannan zafi, kuma a duba hatsi a tabbatar bai yi ƙwari ba.

Maza za su kai nasu ɗakin ajiya da ke ƙofar arewa ta masallaci, kullum daga bayan sallar La'asar zuwa ƙarfe 5:30 na yamma, da kuma bayan sallar Asham zuwa ƙarfe 9:30 na dare. Iyaye mata za su kai makarantar Islamiyya da ke bayan masallaci ranakun Asabar da Lahadi, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana, inda malamai mata za su karɓa. 'Yan kasuwa kuma akwai teburi a masallacin bakin kasuwa bayan sallar Azahar. Wanda kayansa suka yi nauyi ya sanar da ladan, matasa za su je da Keke Napep su ɗauko. Mai son ba da kuɗi ya miƙa wa ma'aji hannu da hannu, ya karɓi rasit.

Za a yi rabo sau biyu, ranar 10 da ranar 19 ga wata, kafin shiga goman ƙarshe. Da dare za a kai wa kowa har gida, ba za a tara mutane a layi ba, ba kuma za a ɗauki hoton kowa ba, domin kare mutuncinsu wajibi ne a kanmu. Duk wanda ya san gidan da ke cikin matsi ya sanar da Malam Liman a asirce.

Wannan tarin ba ya maye gurbin zakkar fidda kai, wadda za a sanar da tsarinta daban kusa da Sallah.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren Kwamiti,
a madadin Malam Liman.