Ƙa'idar Aikin Ƙarin Lokaci ga Ma'aikatan Injin Casar Shinkafa

Zuwa ga dukkan ma'aikata, assalamu alaikum.

A kakar bara mutane sun tsaya har dare suna sauke shanshera daga tirela, da wata ya ƙare wasu ba su ga kuɗinsu ba saboda babu takardar da ta nuna sun yi aikin. Abin ya dame mu, shi ya sa muka rubuta wannan ƙa'ida. Za ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba.

Lokacin aikinmu ƙarfe 8 na safe ne zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, da hutun awa ɗaya na salla da abinci. Duk abin da ya wuce haka ƙarin lokaci ne, wato obataim, kamar yadda sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya nuna. Dokar ba ta yanke farashi ba, don haka ga namu: awa ɗaya ana biyanta kuɗin awa ɗaya da rabi a ranakun aiki da Asabar, ninki biyu kuma ranar Lahadi da ranakun hutun gwamnati. Mai albashin naira 88,000, idan aka raba da awa 176 na wata, awarsa naira 500 ce. Ƙarin lokacinsa zai zama 750, ranar hutu kuma 1,000.

Ba wanda ƙarin lokacinsa zai wuce awa 3 a rana, ko awa 12 a mako, kuma kowa sai ya samu hutun yini guda cur cikin kwana bakwai. A nan ba mu da sassauci, ko da ma'aikacin ne ya roƙa. Mai gyangyaɗi kusa da bel ɗin inji ko tukunyar turara yana iya rasa hannu, kuma babu kuɗin da zai mayar masa da shi. Wanda yake da uzurin da zai hana shi yin ƙarin lokaci ya faɗa wa shugaban sashensa, ba za a riƙe shi da laifi ba.

Kafin a fara, shugaban sashe zai cike fom ya sa hannu: sunanka, aikin, da awannin da aka amince. "Oga ya ce in tsaya" da baki kawai bai wadatar ba. Idan abin gaggawa ne, kamar inji ya tsaya ko mota ta iso bayan Magariba, a yi aikin, amma a cike fom kafin ƙarfe 12 na ranar aiki ta gaba.

Da ka tashi, ka rubuta lokacin fitarka a rajistar bakin ƙofa. Ka kai fom ofishin akanta kafin ranar 20 ga wata, ka riƙe kwafinka. Kuɗin zai shigo tare da albashi. Fom ɗin da ya makara sai wata mai zuwa. Wanda ya ga lissafinsa bai cika ba ya zo ofishina da kwafinsa, zai samu amsa cikin kwana 7.

Manajan Harkokin Ma'aikata