Takardar Likita Kan Komawar Ma'aikaciya Bakin Aiki

SIRRI: ga wadda aka rubuta wa kaɗai

Daga: Likitan Lafiyar Ma'aikata
Zuwa ga: Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata
Kwanan wata: Litinin, 18 ga Agusta, 2025
Game da: Jami'ar shirya albashi a Sashen Kuɗi, lambar aiki 0417

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wannan amsa ce ga takardarki ta ranar 4 ga Agusta, inda kika nemi in duba ma'aikaciyar da aka ambata a sama, in faɗa miki ko ta isa komawa aiki, da kuma abin da ya kamata a tanadar mata. Na zauna da ita ranar Talata 12 ga Agusta na kusan awa ɗaya, na kuma karanta rahoton likitan ƙwaƙwalwa da ke kula da ita. Ta karanta wannan takarda kafin in aiko, kuma duk abin da ke ciki ta amince a rubuce da a sanar da ke. Akwai abubuwan da ta ce a bar su tsakaninta da likitocinta, ciki har da sunan maganin da take sha, kuma na bar su.

Ra'ayina shi ne ta isa komawa aikinta daga Litinin 1 ga Satumba, 2025, muddin za ta koma sannu a hankali cikin makonni 8 tare da sauye-sauyen da zan bayyana. Ba ta isa ɗaukar cikakken aikin a rana ɗaya ba tukuna.

Ta daina zuwa aiki tun 7 ga Afrilu sakamakon ciwon damuwa mai tsanani. Wannan ciwo ne na asibiti, ba kasala ba ce, ba kuma raunin hali ba. Yana taɓa barci, cin abinci, kuzari da tunani, har mutum ya kasa yin abin da ya saba yi ido rufe. A ma'aunin PHQ-9, tambayoyin da ake auna tsananin ciwon damuwa da su, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 27 kuma ake ɗaukar 20 zuwa sama a matsayin mai tsanani, makinta 23 ne a watan Afrilu. Ranar da na gan ta 7 ne, wato alamomin da suka rage marasa nauyi ne. Barcinta ya daidaita, tana tafiyar da harkokin gidanta da kanta, tana shan magani a kan ƙa'ida, kuma ba ta fasa zaman jinyar tattaunawa da take yi kowane mako ba. Ita da bakinta ta ce tana son komawa, ni ma ina goyon bayan haka, domin zaman gida idan ya wuce lokacinsa yakan cire wa mutum ƙwarin gwiwa, komawar ta ƙara wuya.

Abin da ya rage shi ne wanda ido ba ya gani. A wannan ciwo, walwala takan riga natsuwar tunani dawowa. Za ku gan ta tana fara'a, tana gaisawa da kowa, ku ɗauka komai ya wuce, alhali bayan awa biyu tana duba lambobi hankalinta ya fara gajiya. Ta faɗa mini cewa a yanzu takan yi karatu na minti 40 zuwa 50 kafin ta ji tana maimaita layi. Ga mai shirya albashin ɗaruruwan mutane, inda sifili ɗaya ke iya jawo rigima, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganin da take sha da dare kuma yana barin ta da nauyin jiki da sassafe, wanda ke washewa wajen ƙarfe 9.

Ga yadda nake ba da shawarar a tsara komawar. A mako na 1 da na 2 (1 zuwa 12 ga Satumba) ta zo kwana uku, Litinin, Laraba da Juma'a, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. Aikin waɗannan kwanaki shi ne sake sabawa: buɗe na'urarta, ganin abin da ya sauya a tsarin aiki, da ƙananan ayyukan da ba su da wa'adi. A mako na 3 da na 4 (15 zuwa 26 ga Satumba) ta ƙara Talata, ta yi awa 5 a rana, ta fara shigar da bayanai da daidaita lissafi, wani yana dubawa a bayanta. Albashin ƙarshen Satumba ya faɗo cikin wannan zango, kuma ina roƙon kada a ɗora mata shi. Ta zauna kusa da wanda ke yi, ta taimaka da ɓangare ɗaya. Daga 29 ga Satumba zuwa 10 ga Oktoba ta yi kwana biyar, awa 6 a rana. Daga 13 zuwa 24 ga Oktoba ta kai awa 7, ta ja ragamar albashin Oktoba tare da mataimaki da zai sake duba alƙaluman kafin a tura. Idan komai ya tafi daidai, ta koma cikakken lokacinta ranar Litinin 27 ga Oktoba.

A nan ne nake so ki ba ni hankalinki sosai, ranki ya daɗe, domin a nan irin wannan shiri ya fi lalacewa. Rage awanni ba ya amfanar komai idan ba a rage aikin ba. Na sha ganin an ce mutum ya tashi ƙarfe 2, amma aikin awa 8 na nan jibge a teburinsa, sai ya kwashe ya tafi da shi gida, ko ya zauna har yamma don kunya. A takarda an sassauta masa, a zahiri an matse shi fiye da da. Wannan ma'aikaciya kuwa mai gudun a ce ta gaza ce, ba za ta ce aiki ya yi mata yawa ba. Saboda haka wanda ya riƙe aikinta a watannin nan ya ci gaba da riƙe kason da ba a mayar mata ba, kuma a rubuta a fili wane aiki ne nata a kowane zango. Saƙonnin da suka taru a akwatinta tun Afrilu a sa wani ya tace su kafin ta dawo, ya ware ƴan kaɗan da har yanzu ke buƙatar hannunta. Haka kuma idan ta yi kyau a makon farko, kada a ce to ai ta warke, a tsallake mataki. Ko ita ce ta nemi a gaggauta, a ce ta bari sai mun zauna.

Akwai wata magana da ta shafi wannan. A bayaninta, watanni biyar kafin ta kwanta tana riƙe da aikinta haɗe da na abokin aikin da ya bar sashen, kuma a makon albashi takan kai dare a ofis. Ban ce wannan ne ya haddasa ciwon ba, ciwon damuwa ba kasafai yake da dalili guda ba, kuma ɓangarenta kawai na ji. Amma idan ta dawo ta tarar da nauyin nan yadda ta bar shi, ina tsoron abin da muka gina ba zai daɗe ba. Ina ba da shawarar ku zauna da ita da shugaban sashenta a makon farko, ku duba yawan aikin kujerar gaba ɗaya.

Sauran sauye-sauyen ba su da wahala. Ta ci gaba da fara aiki ƙarfe 10 har ƙarshen Oktoba. A ba ta damar zuwa zaman jinyarta kowace Alhamis ƙarfe 3 na rana, da ganin likitan ƙwaƙwalwa sau ɗaya a wata, ba tare da ta riƙa neman izini kowane karo ba. Ta riƙa ɗan hutawa minti 10 bayan kowace awa guda a kan lissafi. Umarni ya riƙa zuwa mata daga mutum ɗaya, a rubuce, tare da nuna wanne ne na gaba. Babu aikin ƙarin lokaci, babu kira ko saƙon aiki bayan ta tashi, har zuwa ƙarshen Disamba. Idan da hali a ba ta tebur nesa da ƙofa da yawan shige da fice, amma kada a ware ta a ɗaki ita kaɗai. Zama cikin mutane yana daga cikin abin da take buƙata. Shugaban sashenta ya riƙa zama da ita minti 15 kowace Juma'a, maganar aiki kawai: me ya tafi daidai, me ya yi nauyi. Ba sai ya tambaye ta jinya ba. Irin wannan tanadi ya yi daidai da jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki.

Game da abokan aiki, abin da ta yarda a faɗa shi ne ta yi rashin lafiya, ta samu sauƙi, tana dawowa a hankali bisa shawarar likita. Shugaban sashenta zai iya ganin jadawalin da sauye-sauyen, amma ba sunan ciwon ba. Wannan takarda a ajiye ta daban da fayil ɗinta na yau da kullum.

Za a samu ranakun da ba za ta ji daɗi ba, kuma rana ɗaya ko biyu irin haka ba koma-baya ba ne. Abin lura shi ne idan aka ga kusan mako guda tana makara ba kamar yadda ta saba ba, tana janye jiki daga mutane, kurakurai suna ƙaruwa, ko tana kuka a wurin aiki. Idan haka ta faru a yi mata magana a keɓe, a koma matakin da ya gabata na jadawalin, a sanar da ni cikin kwana biyu. Ita ce ta zaɓi waɗannan alamomi tare da ni. A binciken da na yi ban ga abin da ke nuna tana cikin haɗari ga kanta ko ga wani ba. Duk da haka, idan ta taɓa furta maganar cutar da kanta ko gajiya da rayuwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, sannan a kira ni.

Kin tambaya ko za ta iya komawa yadda take a da. Ina kyautata zaton haka, ganin yadda magani ya karɓe ta da kuma shekaru tara da ta yi tana wannan aiki ba tare da matsala ba. Za ta ci gaba da shan magani aƙalla wata 6 bayan alamomin sun gushe, kamar yadda aka saba don rage yiwuwar dawowar ciwon, kuma hakan ba ya nufin ba ta warke ba. Ciwon yana iya dawowa, ba zan ɓoye miki ba, shi ya sa watannin farkon nan suke da muhimmanci.

Duk abin da na faɗa shawara ce ta likita. Yanke abin da ma'aikatarku za ta iya, da yadda za a lissafa albashinta a lokacin da take aikin rabin lokaci, yana hannunku, sai dai ina roƙon a faɗa mata matsayar a rubuce kafin 1 ga Satumba don kada ta dawo da wannan fargaba. Idan akwai abin da ba zai yiwu ba a cikin tsarin, ki sanar da ni kafin ranar, mu nemi madadinsa tare. Zan sake ganinta ranar Talata 23 ga Satumba, sai kuma Talata 21 ga Oktoba, kuma zan rubuto miki bayan kowane zama da amincewarta.

Ki huta lafiya.

Naki,
Likitan Lafiyar Ma'aikata

Kwafi: ga ma'aikaciyar