Jerin kayan azumi na gidan marayu, a turo mana farashi

Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ga jerin kayan da kwamitinmu zai saya kafin azumi, 'yan kasuwa uku muka tura wa a Dawanau da Singa, to don Allah a rubuta farashin kowane abu a gabansa, na ɗaya da kuma jimla, kar a dunƙule mana kuɗi wuri guda don sai mun jera takardun mun gwada.

1. Shinkafa 'yar gida, gyararriya marar tsakuwa, buhu mai kilo 50, guda 30. Kar ta wuce N65,000 buhu.
2. Gero na bana, buhu mai kwano 40, guda 15, kwanon tiya muke nufi, kuma a gabanmu za a auna. N45,000.
3. Wake fari manya, wanda ƙwaro bai taɓa ba kuma ba warin maganin feshi, buhu 8, N90,000.
4. Sukari kilo 50, buhu 10, N75,000.
5. Man gyaɗa jarka mai lita 25, guda 12, a rufe da hatiminta, ban da na ɗure. N70,000.
6. Dabino busasshe ɗan Agadas, kwano 60, N6,000 kwano.

Kuɗin da muka sa iyakar ƙarfinmu ke nan, wanda zai iya ƙasa da haka bismillah. Kuɗin mota da na 'yan dako zuwa Kurna a rubuta su daban, a kuma faɗa mana kwana nawa farashin zai tsaya bai motsa ba tunda kun san halin kasuwa yanzu. Rabin kuɗi za mu fara bayarwa, ragowar sai kaya sun sauka mun duba. Muna jira zuwa Alhamis bayan la'asar, a haɗo da samfurin gero da wake ko a leda ne.

Sakataren kwamiti